Minti Biyun Farko a Gaban Malamai

Duk wanda ke da ɗa ko ƙanwa da ke karatun digiri na biyu ko na uku a jami'a ya san kalmar semina, ko da bai taɓa shiga ɗakin da ake yin ta ba. Ita ce ranar da ake kwana ana gyara takardu, a goge kaya tun da asuba, a nemi addu'ar iyaye. Ɗalibi zai tsaya gaban malaman sashensa da 'yan'uwansa ɗalibai ya bayyana binciken da yake son yi, ko wanda ya riga ya fara, su kuma su yi masa tambayoyi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ɗalibi kan bi ta irin wannan zama fiye da sau ɗaya kafin ya kai ga kare kundinsa gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Yawanci minti goma sha biyar zuwa ashirin ake ba shi ya yi magana, sauran lokacin na tambayoyi ne.

A cikin wannan ɗan lokaci, minti biyun farko su ne na gabatar da kai: ko shi wane ne, me yake bincike a kai, a wane fanni, kuma me ya sa aikin ya cancanci a yi shi. Ɗalibai da yawa sun ɗauki wannan wuri tamkar sallama ce kawai, a yi ta a wuce zuwa ainihin magana. Ni kuwa a ganina nan ne ainihin maganar take farawa. Malamin da ya daɗe yana zama a semina, kafin minti biyun nan su cika ya riga ya rubuta tambayarsa ta farko, kuma daga abin da ɗalibin ya faɗa da bakinsa ya ciro ta. Abin da ka ce za ka yi a farko, shi za a bi ka bashinsa a ƙarshe.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce ɗaliba ce a tsangayar aikin gona, tana son yin bincike a kan ajiyar wake. Ta tashi, an kunna majigi, ta fara da gaisuwa. Gaisuwa dole ce, al'adarmu ce kuma al'adar jami'a ce, amma tana da iyaka. Shugaban zama, shugaban sashe, malaman da ke duba aikinta, sauran malamai, 'yan'uwa ɗalibai, assalamu alaikum. Numfashi biyu ya ishe ta. Wanda ya tsaya jera sunan kowane farfesa da muƙaminsa ya cinye minti guda cur, kuma in ya manta mutum ɗaya ya jawo wa kansa abin da da bai fara jerin ba ba zai same shi ba. Bayan gaisuwa sai suna, da matakin karatu, da sashe, da sunan masu duba aikin. Garin da aka haife ta, da makarantun da ta yi, da wahalar da ta sha kafin ta samu gurbin karatu, duk ba nan ne wurinsu ba, sai fa in suna da alaƙa da binciken. In ta yi shekaru tana aikin malamar gona a ƙauyukan da ake noman wake, wannan ya cancanci jimla ɗaya, don zai nuna wa masu sauraro inda tambayar ta samo asali.

Daga nan sai batun bincike, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ɗalibarmu tana iya cewa, "Bincikena a kan matsalolin ajiyar wake ne a Arewacin Nijeriya." Jimlar ba ta da kuskuren nahawu, amma ba ta faɗi komai ba. Wace matsala? Ƙwaro ne, ko danshi, ko ɓera, ko rashin sito, ko faɗuwar farashi? Arewacin Nijeriya kuwa jihohi goma sha tara ne. Ɗaliba ɗaya, da shekara ɗaya ta aiki da kuɗin aljihunta, ba za ta iya zagaye su ba, kuma duk wanda ke zaune a ɗakin ya san haka. Abin da ta ambata fage ne, ba batu ba. Batu yana fitowa ne idan aka faɗi abu huɗu: me ake aunawa, a jikin me, a ina, kuma tsawon wane lokaci.

Don mai karatu ya ga yadda ake matse fagen har ya zama batu, sai mun ɗan shiga cikin buhun waken. Babban abokin gabar wake a ajiya shi ne ƙaramin ƙwaron nan da ke huda shi, wanda za a ga sunansa na kimiyya a kan allo, Callosobruchus maculatus. Tun daga gona yake biyo waken. Macen kan liƙa ƙwanta a bayan ƙwayar, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta kutsa ciki ta yi ta ci, bayan mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi ta fito a matsayin cikakken ƙwaro ta bar rami. Saboda saurin hayayyafar nan, buhun da aka ɗinke a kaka da 'yan ƙwari kaɗan kan zama gari da ramuka kafin bazara. Ɗaya daga cikin hanyoyin magance shi ba tare da magani ba ita ce buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a Afirka suka samar, aka kuma fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki su suke shanye iskar da ta rage da numfashinsu, sai su daina ci da hayayyafa, su mutu. Ƙarfin buhun gaba ɗaya yana ga rashin shigar iska. Leda ta huje, aiki ya ragu.

To daga nan ne tambayar ɗalibarmu ta fito. Buhun ya fi buhun gargajiya tsada, don haka mutane ba sa yar da shi bayan shekara ɗaya. A hannun ɗan kasuwa kuma ana jan sa a ƙasa, ana jifa da shi a mota, ana ɗora wani kan wani. Sai ta ce: "Ina so in gano ko buhun PICS da 'yan kasuwar Dawanau suka riga suka yi amfani da shi kaka ɗaya ko biyu yana kare wake daga ƙwaro kamar sabo, a ajiyar wata shida." Yanzu kowa a ɗakin ya san abin da za a auna, wato ɓarnar ƙwaro. Ya san a jikin me, ya san wurin, ya san tsawon lokacin. Ya kuma san abin da ba za ta taɓa ba: ba ruwanta da gero, ba ruwanta da ɓera, ba ruwanta da Borno ko Sakkwato. Masu rubuta kundi da Hausa suna kiran wannan farfajiyar bincike, kuma ɗalibin da ya shata tasa tun a jimlar farko ya rufe ƙofar tambayoyi da yawa da ba shi da amsarsu.

Akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibi zai yi wa kansa a gida. Ya faɗi batun ga wani da ba ɗan fanninsa ba, ya tambaye shi: a ƙarshen aikin nan, wace amsa kake tsammanin zan kawo? In mutumin ya iya cewa "ko dai tsohon buhu yana aiki ko ba ya yi," batun ya nuna. In ya yi shiru, ko ya ce "za ka kawo bayani a kan wake," da saura. Kanun aikin da aka rubuta a takarda sau da yawa dogo ne mai sarƙaƙiya, kuma dole a nuna shi a allo yadda sashe ya amince da shi, ba a canja ko harafi ba. Amma karanta shi kaɗai ba ya wadatarwa. A karanta, sannan a faɗe shi da maganar baki ta yau da kullum, a sigar tambaya.

Abu na biyu shi ne fanni, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi rainawa. Suna ganin tun da an san sashen da suke, me ya rage a faɗa? Ai kuwa da saura. Wannan buhun wake guda ɗaya, mutum huɗu za su iya bincike a kansa, kowa da ma'auninsa. Masanin ƙwari zai ƙirga ƙwai da ramuka a cikin ƙwaya ɗari, ya auna iskar da ta rage a cikin leda, ya auna danshin waken. Masanin tattalin arzikin noma ba ruwansa da ƙirga rami. Shi farashin tiya a kaka da farashinta a bazara zai duba, ya cire kuɗin buhu, ya ga ko ajiyar ta biya. Masanin aikin malaman gona zai shiga kasuwa da ƙauye da takardar tambayoyi, ya nemi sanin wa ya karɓi buhun, wa ya ƙi, kuma me ya sa. Masanin sinadaran abinci kuwa ragowar maganin ƙwari a jikin wake zai nema a ɗakin gwaji.

Idan ɗalibarmu ta ce, "Aikina yana cikin ilimin ƙwari ne, ɓangaren ƙwarin ajiyar amfanin gona," ta gaya wa malamai da wane mudu za su auna ta. Za su tambaye ta buhu nawa ta sa a kowane rukuni, da yadda ta tabbatar cewa waken da ta zuba a kowane buhu ɗauke yake da ƙwaro daidai wa daida, da hanyar lissafin da za ta bi wajen kwatanta sakamako. In kuma wani malami ya ɗaga hannu ya ce me ya sa ba ta lissafa ribar ɗan kasuwa ba, tana da wurin tsayawa. Za ta ce, "Allah ya gafarta Malam, tambayar tana da muhimmanci, amma ta faɗa ɓangaren tattalin arziki, ni kuwa na tsaya ga ɓarnar ƙwaro kamar yadda na ambata a farko." Ba rashin kunya ba ne, kuma malamai suna girmama irin wannan amsa. Wadda ba ta faɗi fanninta ba kuwa, kowane malami zai ja ta zuwa nasa, ta fita daga ɗakin da gyare-gyaren da in ta bi su duka sai ta rubuta kundi uku.

Wani lokaci aiki kan tsaya a tsakanin fanni biyu da gaske. Babu laifi, amma a faɗi wanda yake uwa da wanda aka aro. "Aikin na ilimin ƙwari ne, sai dai zan yi hira da 'yan kasuwa don in san tarihin kowane buhu." Da wannan an san hirar hanya ce kawai ta zaɓen buhu, ba za a nemi ta cika sharuɗɗan binciken zamantakewa ba.

Sai na uku, muhimmancin aikin, inda na fi jin takaicin yadda ake ɓata dama. Abin da aka saba ji shi ne yabon abin da ake bincike a kai. Wake abinci ne mai gina jiki, talaka ya dogara da shi, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, Nijar na biye da ita. Duk gaskiya ne, amma malaman aikin gona ne a zaune, wasunsu a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka yi rayuwarsu suna fitar da sababbin irin wake. Ba su zo a gaya musu wake yana da amfani ba. Kuma waɗannan jimloli za su dace da kowane bincike a kan wake, daga na taki har na ƙosai. Muhimmancin wake daban, muhimmancin wannan binciken daban, na biyun ake tambaya.

Hanyar da ta fi ita ce a bi matakai uku a jere: ga abin da ke faruwa, ga abin da ba a sani ba, ga wanda zai canja abin da yake yi in an sani. Ɗalibarmu tana da abin da ke faruwa a hannu, kuma mai nauyi ne. Tsoron ƙwaro ne ke sa wasu masu ajiya zuba wa wake maganin da ba a yi shi don abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar sinadarin daikulobos, wanda ake samu a irin maganin ƙwarin da muke kira fiya-fiya, aka kuma tsawaita dakatarwar a shekarar da ta biyo baya. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne ke shiga tukunyarmu. Wannan hujja guda ɗaya, mai shekara da dalili, ta fi jimla goma na yabon wake. Amma fa duk adadin da ɗalibi ya furta a nan, ya tabbata ya san inda ya samo shi, domin "a ina kika ga wannan?" na cikin tambayoyin da aka fi yi, kuma "na gani a intanet" ba amsa ba ce.

Matakin tsakiya, wato giɓin da aikin zai cike, yana da tarko. Ɗalibi kan so ya ce, "Ba a taɓa yin bincike a kan wannan ba." Da wuya wannan magana ta zama gaskiya, kuma ta fi kowace jawo fushin malamai. A misalinmu, an yi aiki mai yawa a kan buhun PICS, musamman a Nijar, inda Ibrahim Baoua da abokan aikinsa suka gwada shi a hannun manoma, har da duba buhunan da aka maimaita amfani da su. In ɗalibarmu ta ce ita ce ta farko, malami ɗaya da ya karanta waɗannan ayyuka ya isa ya rushe mata gabatarwar gaba ɗaya, kuma daga nan ba za a ƙara yarda da sauran maganarta ba. Abin da ya dace ta ce shi ne ta san da waɗancan ayyuka, sun duba buhu a ɗakin manomi, ita kuma tana so ta duba shi a hannun ɗan kasuwa, inda wahalar da buhu ke sha ta bambanta. Ƙaramin giɓi ne, amma nata ne, kuma za ta iya kare shi.

Mataki na uku shi ne a ambaci mutum na gaske da shawarar da zai yanke. "Zai amfani gwamnati da manoma da al'umma baki ɗaya" magana ce da ba ta kama kowa ba. Gara ta ce: in tsohon buhu yana aiki, ɗan kasuwa zai raba kuɗinsa a kan kaka biyu ko uku, malamin gona kuma zai iya faɗa masa haka da hujja. In ba ya aiki, za a san lokacin da ya kamata a canja leda kafin a yi asarar kaya. Lura da cewa ko ta wane ɓangare sakamakon ya faɗi, akwai mai amfana. Wannan alama ce ta tambaya mai kyau. Ɗalibin da muhimmancin aikinsa ya rataya ga samun amsa guda da yake fata, ya riga ya gaya wa malamai cewa ba bincike zai yi ba, tabbatar da ra'ayinsa zai yi.

In aka haɗa su, ga yadda gabatarwar za ta kasance bayan gaisuwa: "Sunana Wance, ɗalibar digiri na biyu a Sashen Kare Amfanin Gona. Aikina yana cikin ilimin ƙwari, ɓangaren ƙwarin ajiya. Tambayar da nake son amsawa ita ce ko buhun PICS da 'yan kasuwar Dawanau suka yi amfani da shi kaka ɗaya ko biyu yana kare wake daga ƙwaro kamar sabo, a ajiyar wata shida. Tsoron ƙwaro na sa ana zuba wa wake magani mai haɗari, abin da ya jawo dakatarwar Tarayyar Turai a 2015. Buhun PICS yana kawar da buƙatar maganin, kuma an gwada shi a hannun manoma, amma buhun ɗan kasuwa yana shan ja da jifa. Zan kwatanta rukuni huɗu, sabon buhu, mai kaka ɗaya, mai kaka biyu, da buhun gargajiya, guda huɗu-huɗu, in ƙirga ramuka a samfurin ƙwaya ɗari-ɗari. Sakamakon zai nuna wa ɗan kasuwa da malamin gona sau nawa za a iya maimaita buhu." Wannan bai kai minti ɗaya da rabi ba in an faɗe shi a natse. A yawancin sassa da Ingilishi za ta faɗe shi, a Yamai ko Maraɗi da Faransanci, a sashen Hausa da Hausa, amma ginin ɗaya ne. Ina ma ba ɗalibai shawara su fara tsara shi da Hausa a ransu, domin a harshen uwa mutum ba ya iya ɓuya a bayan manyan kalmomin da bai fahimta ba.

Kada a ɗauka gabatarwa mai kyau tana hana tambaya. Abin da take yi shi ne ta jawo tambayar da za ta gyara aikin. Da jin wannan bayani, malamin da ya san buhun zai ce, "Malama, sau nawa za ki buɗe buhunan ki ɗebi samfur?" In ta ce kowane wata, zai nuna mata cewa duk buɗewa iska take shigarwa, ta farfaɗo da ƙwarin da suka fara galabaita, wato ita da kanta za ta lalata abin da take aunawa. Mafita ita ce ta ɗebi samfur ranar ɗauri da ranar kwancewa kawai, ko ta ƙara yawan buhuna yadda kowane wata za ta buɗe wasu ta fitar da su daga gwajin. Wani zai tambaya yaya za ta tabbatar buhu kaka biyu ya yi ba uku ba, tun da bakin ɗan kasuwa kawai ta dogara da shi. Wani zai ce ta auna danshin waken kafin ta ɗaure, don wake mai laima a cikin leda fumfuna yake yi, sai a ɗora wa buhu laifin da ba nasa ba. Waɗannan tambayoyi uku sun cece ta daga asarar wata shida da buhu goma sha shida na wake, kuma ba wanda zai iya yin su da ta tsaya a kan "matsalolin ajiyar wake a Arewacin Nijeriya."

Wani abu da ke faruwa a semina ta biyu, bayan an shiga aiki, shi ne batun ya ɗan sauya. Wataƙila ba ta samu buhu mai kaka biyu da za ta amince da tarihinsa ba, ta koma rukuni uku. Ɗalibai kan so su ɓoye irin wannan, su maimaita tsohuwar gabatarwa da fatan ba wanda zai lura. Malamai suna lura, don takardar farko tana cikin fayil ɗin sashe. Ya fi mata ta faɗa tun a minti biyun farko cewa a zaman baya ta yi alƙawarin rukuni huɗu, yanzu uku ne, ga dalili, kuma masu duba aikinta sun amince. In sauyin ya taɓa kanun aikin kansa, wannan kuma ba a bakin majigi ake yin sa ba. Sai an rubuta ta hannun kodinetan karatun gaba da digiri na farko, sashe ya amince, kafin sabon kanu ya hau allo.